Tikitin Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa: awa nawa ne tafiyar?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar tikiti ku duba min wannan. Ga abin da aka rubuta:

```
KAN 14OCT 14:10 - ADD 14OCT 20:55
ADD 15OCT 00:30 - CAN 15OCT 15:40
```

Yarona ya lissafa ya ce awa 25 da rabi ne, daga biyu da minti goma na ranar Talata zuwa huɗu saura ashirin na yammacin Laraba. Shi kuwa wanda ya yanko tikitin ya ce ba ta kai awa 19 ba. Wa ke da gaskiya? Kuma kashi na biyun nan, da gaske awa 15 za a yi a sama ba sauka?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Mai yankan tikitin ne da gaskiya. Kowane lokaci da kika gani a tikiti, agogon garin da aka rubuta a gefensa ne. 14:10 agogon Kano ne, 20:55 da 00:30 agogon Addis ne, 15:40 kuma agogon Guangzhou. Yaronki ya ɗauke su kamar duk agogo ɗaya ne, shi ya sa lissafin ya kumbura.

Addis tana gaban Kano da awa 2. Guangzhou tana gaban Addis da awa 5, wato tana gaban Kano da awa 7. Bari mu bi shi kashi-kashi.

Daga 14:10 zuwa 20:55 awa 6 da minti 45 ne a ido. Amma kin tafi gabas, inda agogo yake gaba da awa 2, sai a cire su. Saura awa 4 da minti 45. Wannan shi ne tsawon tafiyar Kano zuwa Addis.

Zaman jira a Addis daga 20:55 zuwa 00:30 ne. Zuwa sha biyun dare awa 3 da minti 5, a ƙara minti 30 na bayan sha biyu, ya zama awa 3 da minti 35. A nan ba a cire komai ba a ƙara komai, domin sauka da tashi duk a gari ɗaya ne.

Daga 00:30 zuwa 15:40 awa 15 da minti 10 ne a ido. A cire awa 5, saura awa 10 da minti 10. To ba awa 15 za ki yi a kujera ba Hajiya, goma ne da ɗan ɗori.

A haɗa awanni daban, mintoci daban: 4 da 3 da 10 sun ba da 17, mintoci 45 da 35 da 10 sun ba da 90, wato awa 1 da rabi. Jimilla awa 18 da minti 30.

Usman Fagge: Malam Sani ni ma haka na sani, sai dai ina ganin ka manta wani abu. Tunda tana zaune a Addis ne da agogon da ya fi na gida da awa 2, ai jiran ma sai an cire masa awa 2 ɗin. Zai koma awa 1 da minti 35 kenan, jimilla ta zama 16 da rabi.

Malam Sani: A'a Usman, ka cire awa biyun nan sau biyu kenan. An riga an cire su a kashin Kano zuwa Addis. Gwada da agogon Kano ka gani: 20:55 a Addis shi ne 18:55 a Kano, 00:30 a Addis shi ne 22:30 a Kano. Daga 18:55 zuwa 22:30 nawa ne? Awa 3 da minti 35 dai. Duk agogon da ka auna zaman da shi, tsawonsa ɗaya ne. Bambancin lokaci yana shiga ne kawai inda farkon abu yake a wani gari, ƙarshensa a wani.

Injiniya Bashir: Lissafin Malam Sani daidai yake. Ni dai in jimilla kawai ake so ba na bin kashi-kashi, domin duk inda aka yawaita cirewa da ƙarawa nan kuskure ke shiga. Ɗauki tashin farko da saukar ƙarshe, ka mayar da su agogo ɗaya, shi ke nan. Garuruwan da ke tsakiya ba ruwanka da agogonsu.

Mafi sauƙi a gare mu shi ne agogon GMT, wanda kowa ya saba ji a rediyo. Masu harkar jirgi UTC suke ce masa, kuma a wannan lissafin duk ɗaya ne. Najeriya da Nijar suna gaban GMT da awa 1, Habasha da 3, Sin da 8. Tashi 14:10 a Kano shi ne 13:10 GMT ranar Talata. Sauka 15:40 a Guangzhou ita ce 07:40 GMT ranar Laraba. Daga 13:10 zuwa sha biyun dare awa 10 da minti 50, a ƙara awa 7 da minti 40, ya ba da 18 da rabi.

Ko kuma a ɗauki 25 da rabin da yaron Hajiya ya samu a cire 7. Shi ma 18 da rabi. Wato yaron bai yi nisa da gaskiya ba, mataki ɗaya ya rage masa.

Malam Sani: Gaskiya ne Injiniya, amma a yi duka biyun. Hanyarka tana ba da jimilla, ba ta nuna inda awannin suka tafi. Tikiti biyu za su iya zama awa 20 kowanne, ɗaya jiran awa 2, ɗaya jiran awa 7 a tsakar dare, kuma ga dattijuwa ko mai goyo ba ɗaya ba ne. Sannan in ka yi hanyoyin biyu suka bambanta, ka san akwai kuskure, kuma yawanci a kwanan wata yake.

Hajiya Rabi: Na gode, Allah ya saka da alheri. To in na sauka, ƙarfe nawa ne a gida? Ina so su san lokacin da za su sa ran kirana.

Injiniya Bashir: 15:40 a cire 7, tara saura ashirin na safiyar Laraba a Kano. Amma ki ce musu wajen goma zuwa sha ɗaya Hajiya. 15:40 ɗin lokacin da jirgi zai tsaya a mazauninsa ne, akwai layin jami'an shige da fice da jiran kaya bayansa.

Maryam A.: Ni kalkuleta na sa, 4.45 + 3.35 + 10.10, ta ba ni 17.90. Na ce 90 ɗin minti ne, ya zama 18 da rabi, daidai da naku. Ashe ba sai an sha wahala ba.

Injiniya Bashir: Sa'a kika ci Malama Maryam. Kalkuleta tana cika ɗaya ne a 100, awa kuma tana cika a 60. Mintocin nan sun tsaya a 90, ba su kai 100 ba, shi ya sa ba ta taɓa su ba. Da sun wuce 100 da ta ɗauke 100 ta mayar awa ɗaya, ta cinye miki minti 40 ba ki sani ba. Hajiya in da hali ki turo layin dawowa mu gwada a kansa.

Hajiya Rabi: Ga shi.

```
CAN 24OCT 00:10 - ADD 24OCT 06:05
ADD 24OCT 09:20 - KAN 24OCT 12:15
```

Injiniya Bashir: Madalla, wannan ma ya fi dacewa da gwajin. Yanzu yamma za a yi, agogo yana komawa baya, don haka ƙarawa za a yi maimakon cirewa. Daga 00:10 zuwa 06:05 awa 5 da minti 55, a ƙara 5, ya zama awa 10 da minti 55. Jira daga 06:05 zuwa 09:20 awa 3 da minti 15. Daga 09:20 zuwa 12:15 awa 2 da minti 55, a ƙara 2, ya zama awa 4 da minti 55.

Awanni 10 da 3 da 4 sun ba da 17. Mintoci 55 da 15 da 55 sun ba da 125, wato awa 2 da minti 5. Jimilla awa 19 da minti 5. Ta gajeriyar hanya ma haka ne: 00:10 zuwa 12:15 awa 12 da minti 5, a ƙara 7.

Malama Maryam sa 10.55 + 3.15 + 4.55 a kalkuletarki. Za ta ba ki 18.25, ki ɗauka awa 18 da minti 25 ne. Ga minti 40 ɗin da na ce za su ɓace. In dole sai da kalkuleta, mayar da komai minti tukuna: 655 da 195 da 295 sun ba da 1145, a raba da 60 a sami 19, saura 5.

Maryam A.: Na gwada, 18.25 ta fito. To na ji.

Malam Sani: Hajiya tunda kin turo wannan, akwai abin da ya fi lissafin awanni muhimmanci a cikinsa. 00:10 na 24 ga wata yana nufin minti goma bayan sha biyun daren Alhamis 23 ga wata. Ranar Alhamis da dare za ki je filin jirgi, wajen tara ki kasance kina layin awon kaya. Wanda ya ga 24 ya zauna har ranar Juma'a da dare zai tarar jirginsa ya tashi tun daren jiya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a tikitin tsakar dare, domin kamfani zai rubuta cewa ba ka zo ba, sai ka biya tara ko ka sake yankar wani. In mutum ya rasa kashin farko ta wannan hanyar, kamfanoni da yawa suna soke sauran kashin da ke cikin tikitin ma.

Haka otal ɗinki: daren ƙarshe da za ki kwana shi ne daren Laraba wayewar Alhamis. In kina son ɗakin har yammacin Alhamis sai ki yi magana da su tun wuri.

Alhaji Garba: Ni tambayata daban. Zuwa awa 10 da minti 10, dawowa awa 10 da minti 55, hanya ɗaya. Na ji ana cewa juyawar duniya ce, wai in ka yi gabas ƙasa tana tahowa ta tare ka.

Injiniya Bashir: Alhaji da haka ne da tafiyar yamma ce za ta fi sauri, domin duniya gabas take juyawa, garin da ke yamma shi ne zai taho maka. Iskar da jirgi ke ciki tana juyawa tare da ƙasa, don haka ba nan zancen yake ba. Iska ce. A can sama inda jirage ke bi, a yankuna da yawa iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai dawowa yana saɓa mata. Kamfani ya san haka, shi ya sa yake ba dawowar ƙarin lokaci a jadawali, kuma tazarar tana canzawa daga wani lokacin shekara zuwa wani.

Alhaji Garba: To ai kuma matuƙi yakan sanar da wani lokaci daban bayan an zauna. Tikiti ya ce kusan awa biyar, shi ya ce huɗu da kwata. Wanne za a ɗauka?

Malam Sani: Duka biyun gaskiya ne Alhaji, abin da suke aunawa ne ya bambanta. Na tikiti yana farawa daga lokacin da jirgi ya bar mazauninsa zuwa lokacin da ya tsaya a na can, har da tafiyar da yake yi a ƙasa zuwa titin tashi, da jiran layi, da ɗan rarar da kamfani ke sawa saboda tsaiko. Na matuƙi daga ɗagawa ne zuwa dira. Don lissafin canjin jirgi na tikiti za ka riƙe.

Fatima Z.: Ku taimaka min da na ƙanwata, karatu za ta Indiya. An rubuta tashi daga Abuja Litinin 21:00, sauka Doha 05:50 da alamar +1, tashi 19:50, sauka Delhi 02:10 da alamar +2. Shin +2 ɗin nan kwana biyu za ta yi a hanya? Ni na lissafa na sami awa 25 da minti 10.

Malam Sani: +1 da +2 ba tsawon tafiya suke faɗa ba, kwanan watan sauka suke nunawa in aka kwatanta da ranar tashin farko. Ta tashi Litinin, ta sauka Doha Talata, ta sauka Delhi Laraba, da ƙarfe biyun dare agogon can. Sha biyun dare biyu ta tsallaka, amma tafiyar kwana ɗaya ce da 'yan mintoci.

Inda kika kauce shi ne rabin awa. Indiya tana gaban GMT da awa 5 da rabi, wato tana gaban Najeriya da 4 da rabi, ke kuma 4 kika cire. Daga 21:00 Litinin zuwa 02:10 Laraba awa 29 da minti 10 ne a ido. A cire 4 da rabi, saura awa 24 da minti 40.

In an bi kashi-kashi, Doha tana gabanmu da awa 2, don haka kashin farko awa 6 da minti 50 ne. Delhi tana gaban Doha da 2 da rabi, kashi na biyu awa 3 da minti 50. Jiran Doha daga 05:50 zuwa 19:50, awa 14 cur. Wato fiye da rabin tafiyar zaman filin jirgi ne. Kafin a biya, ku tambayi ejan ko akwai jirgin Delhi da ke tashi da safe daga Doha, ko da da ɗan ƙarin kuɗi. Kuma ku gaya wa mai tarbarta cewa daren Talata wayewar Laraba ne, kada ya zo ranar Laraba da dare.

Usman Fagge: To a taƙaice mutum ya haddace lambobin kawai: Saudiyya 2, Dubai 3, Masar 1, Landan baya da 1.

Injiniya Bashir: Biyun farko ka haddace su, ba sa canzawa. Biyun ƙarshe kusan rabin shekara kawai suke aiki. Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa 1 daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kuma a tsakanin nan agogon Landan da na Abuja ɗaya ne. Jirgin da ya ɗauki awa 6 da rabi, in ya tashi 08:00 daga Abuja, tikitin Yuli zai nuna 14:30, na Janairu ya nuna 13:30, alhali tafiyar ba ta ragu ba. Masar ma ta dawo da canjin agogo a 2023, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tana gabanmu da awa 2, sauran shekara da 1. Mai bi ta Alƙahira ya kula da wannan.

Tikitin kansa ya riga ya yi la'akari da canjin, lokacin da aka buga shi ne agogon garin a ranar. Mai lissafi ne ke kuskure in ya duba bambancin yau alhali tafiyar sai bayan wata biyu. Ka nemi bambancin ranar tafiya. Tafiyar Hajiya ba ta da wannan matsalar, domin Najeriya da Habasha da Sin duk ba sa canza agogo, kuma Sin duk girmanta agogo ɗaya take bi a hukumance.

Ga masu yi wa mutane da yawa lissafi, Excel yana sauƙaƙawa. A2 kwanan wata da lokacin tashi, B2 na sauka, C2 da D2 tazarar garuruwan biyu daga GMT:

```
=(B2-D2/24)-(A2-C2/24)
```

Sai ka sa tsarin gurbin ya zama `[h]:mm`. In ka bar shi `h:mm`, duk abin da ya wuce awa 24 zai zagayo, tafiyar ƙanwar Fatima ta fito 0:40. Indiya kuma 5.5 za ka rubuta mata, kada ka sa 5.30.

Maryam A.: Akwai wani tikiti da na gani na Guangzhou ɗin dai, jiran Addis awa 1 da minti 10 kawai, jimilla ta sauko ƙasa sosai. Ba shi ya fi ba?

Malam Sani: In tikiti ɗaya ne daga Kano har Guangzhou, ana iya ɗauka. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin canjin jirgi da aka amince da shi, kuma na'urar sayar da tikiti ba ta haɗa jirage biyu a tikiti ɗaya in tazarar ba ta kai shi ba. In jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfanin ne zai sa ki a na gaba. In kuwa tikiti biyu ne daban-daban da ejan ya jera miki, ba ruwan kamfani na biyu da makararki, kuma wataƙila sai kin karɓi kaya kin sake awo.

Injiniya Bashir: Ni ban yarda a ba Hajiya shawarar minti 70 ba ko da tikiti ɗaya ne. Lissafa abin da ke cikinsu. Fitowa daga jirgi in kana kujerar baya, ko in bas ce za ta kwaso ku, minti 15 zuwa 20. Binciken tsaro na masu canjin jirgi, a lokacin da jirage da yawa suka sauka tare. Sannan ana rufe ƙofar shiga kamar minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da ke tikiti. Abin da ya rage a hannu bai fi rabin awa ba, kuma jirgin farko bai makara ko minti ɗaya ba kenan. In aka rasa shi, kuma jirgin hanyar sau ɗaya yake tashi a rana, tafiyar da aka so ragewa da awa biyu ta ƙaru da awa 24.

Malam Sani: Ban musa ba, amma mutane suna yin irin wannan canjin kullum suna samu, kuma an tsara jadawalin ne don su. Matashi mai jakar hannu ɗaya ba zan hana shi ba. Abin da ya fi makara a gajeren jira ma kaya ne, mutum ya isa akwatinsa ya biyo jirgin gobe.

Injiniya Bashir: To ɗan kasuwar da samfurin kayan da zai nuna wa masana'anta ke cikin akwatin fa?

Malam Sani: Shi sai ya sa samfurin a jakar hannu, ko ya ɗauki mai jiran awa uku. Ya danganta da mai tafiyar.

Alhaji Garba: Hajiya ƙarin abu ɗaya. In kin sauka Addis kada ki dogara da agogon wayarki sai kin tabbatar ya canza. In wayar ba ta kama layi ba za ta ci gaba da nuna lokacin Kano, ki ga goma na dare ki ce da sauran awa biyu da rabi, alhali sha biyu ta yi a can ana kiran jirginki. Ki duba allon da ke nuna tashin jirage, yana ɗauke da lokacin garin.

Hajiya Rabi: Allah ya kiyaye. Wato in agogon hannuna na Kano ya nuna tara na dare in kasance a bakin ƙofa?

Malam Sani: Haka ne Hajiya, tara a agogonki sha ɗaya ce a Addis, saura awa ɗaya da rabi a tashi. Katin shiga jirgin da za a ba ki a Kano yana ɗauke da lokacin fara shiga, shi ma da agogon Addis aka rubuta shi. Lambar ƙofar ce kawai za ki sake dubawa a allo in kin sauka, don takan canza.